Kai rahoton inboyis ga hukumar haraji nan take: tambayoyin ƙananan 'yan kasuwar Kebbi da amsoshinsu

An tattara waɗannan tambayoyi ne daga abin da ake ta maimaitawa tsakanin 'yan kasuwar Birnin Kebbi, Argungu, Jega da Yauri, musamman masu kai kaya ga manyan kamfanoni da ma'aikatun gwamnati. Domin kada magana ta watse, za mu riƙa komawa ga misali guda: wani mai sayar da buhunan zuba shinkafa a Birnin Kebbi, wanda ke saro kaya daga Kano yana kai wa wata masana'antar casar shinkafa. Mutumin da farashinsa duk misali ne kawai. Dokokin da za a ambata kuwa na gaske ne.

1. Wai mene ne wannan sabon tsari, kuma me ya bambanta shi da inboyis ɗin da muka saba?

Inboyis ɗin da muka saba takarda ce tsakaninka da mai saye. Ka rubuta a littafi mai kabon, ka yage farar ka ba shi, ka riƙe kwafin. Hukumar haraji ba ta san da ita ba sai ranar da ka kai lissafin wata, ko ranar da aka zo bincike. A sabon tsarin, bayanan inboyis ɗin suna fara bi ta na'urar hukuma. Na'urar ta duba su, ta yi musu rajista, ta buga musu hatimi, sannan inboyis ya isa ga mai saye. Ke nan hukuma tana ganin ciniki a ranar da aka yi shi.

Sunan tsarin a allo Merchant Buyer Solution, ana taƙaita shi MBS. Hukumar tattara haraji ta tarayya, FIRS, ce ta fara shi, kuma tun 1 ga Janairun 2026 hukumar ta koma NRS a ƙarƙashin dokokin haraji huɗu da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yunin 2025. Inboyis ɗin da ya bi ta tsarin yana fitowa da abubuwa uku: lambar rajista da ake kira IRN, hatimin sirri da ake kira CSID, da tambarin QR wanda kowa zai iya haskawa da waya ya tabbatar takardar ta gaske ce. Hoton inboyis da ka tura ta WhatsApp, ko wanda ka buga a kwamfuta komai kyansa, idan babu waɗannan, a wurin tsarin ba a yanke shi ba.

2. Yaushe abin zai iso kan ƙaramin ɗan kasuwa?

An raba masu biyan haraji gida uku gwargwadon cinikin shekara. Manya, masu cinikin Naira biliyan 5 zuwa sama, su aka fara da su ranar 1 ga Agustan 2025, aka kuma ƙara musu wa'adi zuwa 1 ga Nuwamban shekarar. Jadawalin da NRS ta fitar a farkon 2026 ya sa matsakaita, masu biliyan 1 zuwa 5, su fara ranar 1 ga Yulin 2026, sannan na ƙasa da biliyan 1 su fara ranar 1 ga Yulin 2027, tilastawa a kan wannan rukuni na ƙarshe kuma ta biyo baya a farkon 2028.

A lura cewa ciniki ake aunawa, ba riba ba. Dillalin siminti ko na taki da ke cewa shi ƙaramin ɗan kasuwa ne saboda ribar buhu ba ta taka kara ta karya ba, idan ya tara abin da ya sayar a shekara zai iya samun kansa a rukunin tsakiya. Sannan tunda an taɓa ɗage wa'adi, a riƙa bin sanarwar hukumar kanta, kada a dogara da ji-ta-ji-tar kasuwa. Amma ranar da ke jikin jadawali ba ita ce ranar da abin zai fara taɓa ka ba, kamar yadda za a gani a tambaya ta 4.

3. Cinikina bai kai miliyan 100 a shekara ba. Ba an ce an yafe mana VAT ba?

Dokar gudanar da haraji ta 2025 ta yi wa ƙaramin kasuwanci sassauci a kan VAT, wato wanda cinikinsa na shekara bai wuce Naira miliyan 100 ba, kadarorinsa na dindindin kuma ba su wuce miliyan 250 ba. Masu aikin ƙwarewa irin lauyoyi da akantoci ba sa cikin wannan sassauci. Mai shagon tireda a unguwa da ke sayar wa jama'a sabulu da sukari, ba shi ne ake hange a sahun farko ba.

Sai dai abu biyu. Na farko, sassaucin VAT bai ɗauke maka rajistar haraji da ajiye lissafi ba, kuma da lissafin ne za ka nuna cewa lallai ba ka haura miliyan 100 ba. Na biyu, layin yana da saurin tsallakuwa. Mai buhunmu, idan yana kai kayan miliyan 8 sau biyu a wata, a shekara ya yi miliyan 192 daga kwastoma ɗaya tak. Ya riga ya fita daga sassaucin ko bai sani ba, kuma kamfanin Kano da yake saro kaya a wurinsa yana kai rahoton duk abin da ya sayar masa.

4. Me ya sa kamfanin da nake kai wa kaya ya fara matsa mini tun wa'adina bai yi ba?

Saboda shi ma kansa yake karewa. Babban kamfani yana rage VAT ɗin da ya biya wajen saye daga wanda ya karɓa wajen sayarwa, ya kai wa hukuma ragowar. Yana kuma cire kuɗin kayan da ya saya daga ribar da za a yanka masa haraji a kai. Duka biyun suna buƙatar takardar da za ta tsaya a gaban mai bincike. Ɗaya daga cikin sababbin dokokin ma ta ce kuɗin da aka kashe a kan abin da ya kamata a caji VAT amma ba a caja ba, ba za a yarda a cire shi daga riba ba. Haka kuma kamfani ko hukumar da ta ba wanda ba shi da rajistar haraji kwangila tana fuskantar tarar Naira miliyan 5.

To akantan masana'antar shinkafa da ke da masu kawo buhu uku, biyu inboyis ɗinsu na shigowa kai tsaye cikin na'urarsa da IRN, na ukun kuma takardar kabon ce da sai an zauna an shigar da hannu, ka san wanda zai fara ajiyewa idan aka zo rage masu kawo kaya. A ganina wannan ne ainihin dalilin da zai sa ƙaramin ɗan kasuwa ya fara shiri da wuri, ba tsoron tara ba. Tara sai 2028; rasa kwastoma kuwa ba ya jiran jadawali.

5. Ta wace hanya inboyis ke bi daga shagona zuwa hukuma?

Da farko kasuwancinka zai yi rajista a shafin MBS da lambar harajinsa. Ga kamfani, lambar tana haɗe da rajistar CAC, ga mutum ɗaya kuma tana haɗe da NIN. Daga nan sai ka zaɓi ɗaya daga cikin kamfanonin da aka amince su isar da inboyis, waɗanda za ka ga an rubuta APP a kansu. Hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, ce ke tantance su. Akwai kuma wani rukunin, masu haɗa manhajar lissafin da kake da ita da tsarin hukuma. Wanda ba shi da wata manhaja tun asali, yawanci abin da yake nema shi ne mai isarwa da ke da shafi ko manhajar waya da za a cike inboyis a ciki kai tsaye.

Idan ka cike ka danna turawa, manhajar tana mayar da bayanan zuwa sigar da na'ura ke karantawa, a duba ko akwai gurbin da aka bari ko lissafin da bai daidaita ba, a buga hatimi, sannan a miƙa wa mai saye. In komai daidai ne, abu ne na ɗan lokaci kaɗan. Lambar IRN kuwa gaɓa uku ce: lambar inboyis ɗinka, lambar da tsarin ya ba kasuwancinka, da kwanan wata. Ga kamanninta:

```
INV0412-AB12CD34-20270705
```

Wannan ya nuna abu biyu da za su shafi aikinka. Lambar inboyis tana bin jeri, ba a maimaita ta, kuma a guji sa mata alamomi irin karan tsaye ko tazara. Sannan kwanan wata yana cikin lambar kanta, saboda haka tsohuwar al'adar nan ta rubuta inboyis yau a sa masa kwanan watan jiya ta zo ƙarshe.

6. To a zahiri, me zan canza a yadda nake gudanar da shago?

Jerin aikin ne zai juya. A da, mai buhunmu yana karɓar oda ta waya, yara su loda mota, direba ya tafi da webil, inboyis kuma sai ƙarshen mako ko ranar da za a je karɓar kuɗi, lokacin an riga an san abin da sito ya karɓa da abin da ya mayar. Wato inboyis ne ke zuwa ƙarshe. A sabon tsarin, cinikin da ke tsakanin kasuwanci da kasuwanci, ko da gwamnati, sai inboyis ya sami amincewa kafin ya zama takardar da mai saye zai karɓa. Hanyar da ta fi aminci ita ce a tabbatar da oda a rubuce, a ƙirga kaya, a yanke inboyis a ga IRN ya fito, sannan mota ta tashi da kwafi mai tambarin QR tare da webil.

Wannan yana nufin ciniki da tayi su ƙare kafin a taɓa na'ura. Mun saba a rubuta inboyis a matsayin buɗe magana, mai saye ya ce «Alhaji a rage mana», a yage a sake wani. Yanzu takardar farashi daban, inboyis daban. Ka tura takardar farashi sau goma in ka so, ba ta shiga wurin hukuma. Inboyis kuwa sau ɗaya ne, bayan an daidaita a kan adadi, farashi, da wanda zai biya kuɗin mota.

Abu na uku shi ne wanda zai riƙe aikin. A shaguna da yawa littafin inboyis yana kan tebur, duk yaron da ke kusa shi ke rubutawa. Yanzu duk abin da aka tura da sunan kasuwancinka magana ce da ka faɗa wa hukuma. A ware mutum ɗaya da mataimakinsa, kowa da nasa mabuɗin shiga, kada maigida ya raba nasa. Idan yaro ya bar aiki, a rufe mabuɗinsa a ranar. Kuma a sa ƙa'ida cewa inboyis da ya haura wani adadi sai maigida ya duba kafin a tura.

7. Waɗanne bayanai ya kamata in tattara tun yanzu?

Jeri biyu, kuma ana iya fara su yau a littafi ko a kwamfuta ba tare da an biya kowa ba. Na farko jerin kwastomomi: cikakken sunan da ke kan rajista, lambar haraji, adireshi, imel da waya. Sunan da ake kiran kamfani da shi a gari sau da yawa ba shi ne na rajista ba, kuma mai gida ɗaya kan iya mallakar kamfanoni uku. Ka tambayi akantansu da wanne za a yanke. Lambar haraji da ba ta dace da suna ba tana daga cikin manyan abubuwan da ke sa inboyis ya dawo.

Na biyu jerin kaya. Kowane kaya da suna ɗaya tsayayye, ma'auni ɗaya, matsayinsa na VAT, da lambar rukuninsa ta HS, irin wadda kwastan ke amfani da ita. Duk wanda ya taɓa fitar da kaya ta iyakar Kamba ya san ta. Shinkafa tana ƙarƙashin 1006, siminti 2523, buhunan zuba kaya 6305. Ma'auni ne ya fi ba mutanenmu wahala. Idan a shago ana sayar da buhu da bandir, masana'anta kuma tana ƙirgawa da ɗai-ɗai, sai an tsayar da guda nawa ne a bandir, a kuma zaɓi wanda za a riƙa rubutawa. Idan kai ka rubuta 40 kana nufin bandir, su kuma takardar odarsu ta ce 20,000, na'urarsu ba za ta gane abu ɗaya kuke nufi ba.

8. A ba mu misali da lissafi daga farko har ƙarshe.

Masana'anta ta yi odar buhu 20,000 a kan Naira 400. Kuɗin kaya miliyan 8 ke nan. VAT na kashi 7.5 cikin ɗari ya kama Naira 600,000, jimilla 8,600,000. Mai buhu ya cike inboyis da sunan masana'antar da lambarta, ya sa lambar takardar odarsu, ya tura, IRN ya fito, mota ta kama hanyar Argungu. Daga wannan lokacin hukuma ta san akwai cinikin miliyan 8 da VAT na 600,000 a kansa a wannan wata.

A sito aka tarar buhu 1,000 ɗinkinsu ya warware, aka dawo da su. Ba za a goge inboyis ɗin farko ba. Za a yanke takardar ragi a kan buhu 1,000, wato Naira 400,000 da VAT 30,000, jimilla 430,000, tana ɗauke da IRN na inboyis ɗin farko. Abin da ake bin masana'anta ya koma 8,170,000, VAT kuma 570,000. Shi kuwa mai buhu ya saro kayan ne a Kano a kan Naira 340, wato miliyan 6.8 da VAT 510,000. Idan ya zo lissafin wata, sai ya cire 510,000 daga 570,000, ya kai wa hukuma 60,000, kafin ranar 21 ga watan da ke biye ta wuce.

Saura wani abu da ke rikita mutane: alat ɗin banki ba zai zo 8,170,000 ba. Masana'anta za ta riƙe harajin da ake cirewa tun daga tushe, wanda a kan kai kaya kashi 2 ne cikin ɗari na kuɗin kayan ban da VAT. Kashi 2 na 7,600,000 shi ne 152,000, saboda haka abin da zai shigo 8,018,000 ne. Kada a yanke takardar ragi don cike wannan giɓin, domin ba ragin farashi ba ne. Harajinka ne aka biya maka tun gaba, kuma shaidar cirewar ce za ka nema daga wurinsu. Wanda bai ba da lambar haraji ba, ninki ake cire masa.

9. Idan an yi kuskure bayan IRN ya fito fa?

Mai saye yana da awa 72 ya duba inboyis, ya karɓa ko ya ƙi. Idan kuskuren babba ne, kamar an yanke wa kamfanin da ba shi ba, a kira akantansu nan take, ya ƙi shi a cikin wa'adin, a sake sabo da sabuwar lamba. Tsohuwar lambar ta tafi ke nan, ba a sake amfani da ita. Idan wa'adin ya wuce, ko kuwa kuskuren na adadi ne ko farashi, gyara sai ta takardar ragi, wadda za ka gani a allo da sunan `Credit Note`, ko takardar ƙari, `Debit Note`, idan kuɗin ya gaza abin da ya kamata. Yadda ake lissafin ragin yana tambaya ta 8.

Kwana uku ba su da yawa. Inboyis ɗin da aka tura ranar Alhamis da yamma, ga Juma'a ga ƙarshen mako, kafin Litinin wa'adi ya cika. Shi ya sa ya fi kyau a roƙi sito su ƙirga kaya a ranar da mota ta isa. Wani kuskuren kuma da ba a cika lura da shi ba shi ne turawa sau biyu: sabis ya yi nauyi, yaro ya ga kamar bai tafi ba, ya buɗe sabon inboyis da wata lamba ya sake turawa. Yanzu hukuma tana ganin cinikin miliyan 16 a inda aka yi na 8. Ƙa'idar ita ce kafin a sake turawa a duba jerin waɗanda suka tafi.

10. Masu saye ɗai-ɗai da ke shigowa shago su biya su tafi, su ma sai an jira IRN?

A'a. Cinikin da aka yi da mutum wanda ba kasuwanci ba, ba a tsayar da shi jiran amincewa. Ka ba shi rasidinsa ya tafi, sannan a kai rahoton cikin awa 24, kuma ƙa'idar da hukumar ta fitar ta ɗora wannan ne a kan cinikin da ya haura Naira 50,000. Canjin da wannan ke kawowa shi ne rufe lissafi kullum: kafin a kulle shago, a tabbatar cinikin yini ya tafi. Tambaya ɗaya kuma ta zama dole a bakin mai kanta idan ciniki ya yi girma: «Da sunanka za a rubuta ko da sunan kamfani?» Wanda zai kai takardar ofis a biya shi, ko ya rage VAT da ita, cinikinsa na tambaya ta 6 ne.

11. Ni shinkafa da gero nake sayarwa, babu VAT a kansu. Ina ruwana?

Dokar 2025 ta sa kayan abinci na yau da kullum a rukunin VAT na sifili. Sifili ba daidai yake da a ce kaya ba sa cikin tsarin ba: ciniki ne da ake rubutawa, sai dai harajin da ke kansa kashi 0 ne. Saboda haka dillalin da cinikinsa ya kai shi cikin tsarin zai yanke inboyis, a gurbin VAT a sa sifili. Akwai ma riba a ciki, domin mai sayar da kayan sifili yana da damar neman VAT ɗin da ya biya a kan abubuwan da ya yi amfani da su, irin buhu da injin da gyaransa, kuma hakan ba ya yiwuwa sai da inboyis mai inganci daga waɗanda ya saya a wurinsu.

Wurin da ake tuntuɓe shi ne inboyis mai gauraye. Idan ka sayar da shinkafa da buhunan wofi da zare a takarda ɗaya, kowane layi da nasa matsayin. Kada a dunƙule su a kira su «kaya».

12. Idan babu sabis ko babu wuta fa? Nan ba Legas ba ce.

Tambaya ce mai nauyi a wannan yanki. Mutanen Zamfara ba su manta da Satumban 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a jihar baki ɗaya, kuma ko ba a rufe ba akwai kasuwannin ƙauye da sabis ɗinsu sai an hau tudu. Ga cinikin ɗai-ɗai, awa 24 ɗin nan sarari ne: a rubuta, in an dawo gari a tura. Ga cinikin kamfani kuwa, dabarar ita ce a raba wurin yanke inboyis da wurin lodi. Mai ajiye kaya a ƙauye ya kira ofishinsa na Birnin Kebbi ya faɗi adadin da aka ƙirga, a yanke a can. Layi biyu na kamfanoni daban-daban da ɗan abin cajin waya sun wadatar da ƙaramin shago, domin bayanan inboyis ba su da nauyi.

Kafin ka sa hannu da mai isarwa, ka ce ya kashe data a gabanka ya cike inboyis, ka ga abin da manhajar za ta yi: tana ajiyewa ta tura da kanta idan sabis ya dawo, ko kuwa aikin ya ɓace? Ka kuma tambaye shi ko kuɗinsa na wata ne ko na kowane inboyis, wa za a kira ranar Asabar idan abu ya tsaya, da yadda za ka kwashe bayananka in ka yanke shawarar komawa wani. Sunansa kuma ka duba shi da kanka a jerin da ke shafin hukuma.

13. Mene ne hukuncin wanda bai bi ba?

Wanda tsarin ya hau kansa ya yi ciniki bai bi ta cikinsa ba, doka ta ɗora masa tarar Naira 200,000, da kashi 100 cikin ɗari na harajin da ke kan cinikin, da kuɗin ruwa gwargwadon ma'aunin Babban Bankin Nijeriya. A misalin mai buhu, 200,000 da 600,000 sun zama 800,000 kafin ruwa, a cinikin da gaba ɗaya bambancin saye da sayarwarsa miliyan 1.2 ne, ba a cire kuɗin mota da na lebura ba. Hana hukuma damar kafa na'urarta bayan ta ba da sanarwa kuma tararsa miliyan 1 ce a ranar farko, da 10,000 a kowace rana bayanta.

14. Tunda hukuma na ganin komai, an daina kai lissafin wata da ajiye takardu ke nan?

Ba a daina ba. Lissafin VAT na wata yana nan, kuma rashin kai shi yana da tasa tarar: Naira 100,000 a watan farko, 50,000 a kowane wata bayansa. Abin da ya canza shi ne yanzu hukuma tana da nata adadin da za ta gwada da naka. Don haka kafin ka kai lissafi, ka jera abubuwa uku: jimillar inboyis masu IRN bayan an cire takardun ragi, abin da littafin shago ya nuna an fitar, da abin da ya shigo banki. Idan littafi ya fi inboyis, akwai motar da ta fita ba a yanke mata ba. Idan inboyis ya fi littafi, a nemi wanda aka tura sau biyu ko kayan da aka dawo da su ba a yi musu takardar ragi ba, kamar yadda aka yi bayani a tambaya ta 9. Bambancin banki kuwa yawanci bashi ne da ba a biya ba ko harajin da aka riƙe.

Haka za ka yi wa ɓangaren saye. Duk inboyis ɗin da babban kamfani ya ba ka, ka haska tambarin QR ɗinsa, ka duba cewa sunanka da lambarka ne a kai. Masu saro kaya da sunan wani babban dila ko na ɗan'uwa don samun rangwame su lura: VAT ɗin da aka biya yana rubuce ne da sunan wancan, kuma mai buhunmu da ya yi haka, 510,000 ɗin da yake sa ran ragewa ba tasa ba ce a takarda. Webil da takardun oda da shaidar biya kuma a ci gaba da ajiye su aƙalla shekara shida, domin IRN yana nuna an yanke inboyis ne kawai, ba ya nuna kaya sun isa sito. Harajin kuɗin shiga na mai kasuwanci shi kaɗai, wanda bai yi rajistar kamfani ba, yana nan a hannun hukumar tattara kuɗin shiga ta jihar Kebbi. Shiga MBS bai ɗauke shi ba.